Baƙar Fata a Hoton Baƙi da Fari: Yadda Ake Fito da Fuska Ba Tare da An Ɗashe Ta Ba

A ƙasar Gumel, kamar sauran ƙasar Hausa, ba a rarrabe fatar mutum da kalma guda. Ana cewa wane baƙi ne wuluk, wance wankan tarwaɗa ce, wancan kuma fari ne sol. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, inda Hausawa da Fulani da Mangawa da Buzaye ke cakuɗuwa a karar dabbobi, ya san cewa waɗannan kalmomi uku ma ba su ƙare bayani ba. Hoto mai kala yana ɗaukar wannan bambanci cikin sauƙi, domin launi na taimaka wa ido. Da zarar an cire kalar, abin da ya rage shi ne haske da duhu kaɗai, kuma a nan ne hotuna masu yawa ke lalacewa. Ko dai fuskar ta nitse ta zama dunƙulen duhu mai idanu biyu, ko kuma mai gyara ya ji tsoron duhun, ya yi ta ƙara haske har fuskar ta koma kamar an barbaɗa mata toka.

Kuskuren biyu tushensu ɗaya ne, wato ɗaukar cewa matsalar baƙar fata ita ce ƙarancin haske. Abin da ke ƙawata fuska a hoto marar kala shi ne tazarar da ke tsakanin ɓangaren da haske ya sauka da ɓangaren da inuwa ta kwanta, da kuma yadda ɗaya ke gangarawa cikin ɗaya a hankali. Fuska mai duhu wadda ke da wannan tazara ta fi fuska mai haske wadda ta rasa ta kyau nesa ba kusa ba. Aikin mai gyara shi ne ya buɗe wannan tazara a daidai inda fatar take, ya bar mutumin da launin da Allah ya yi shi.

Hotuna uku a cikin hoto ɗaya

Kowane hoto mai kala da ke cikin waya ko kwamfuta hotuna uku ne marasa kala aka ɗora bisa juna. Ɗaya yana riƙe da yawan jan haske da ya shiga kyamara, ɗaya kore, ɗaya shuɗi. A kowane ɗigo na hoton akwai lambobi uku, kowace daga 0 zuwa 255, inda 0 ke nufin duhu ƙirin, 255 kuma fari fat. Mayar da hoto baƙi da fari ba wani abu ba ne illa narkar da lambobin nan uku su zama guda. Tambayar ita ce nawa za a ɗiba daga kowace.

Idan aka danna maɓallin da ke cire kala kai tsaye, manhaja ce ke yanke wannan hukunci. Lissafin ya ɗan bambanta daga manhaja zuwa manhaja, amma wanda ya fi shahara, wanda aka gada daga fasahar talabijin, shi ne wannan:

```
Y = 0.299 R + 0.587 G + 0.114 B
```

Wato kusan kashi 30 cikin ɗari daga ja, kashi 59 daga kore, kashi 11 daga shuɗi. An tsara shi ne bisa yadda idon ɗan Adam ya fi jin hasken kore, kuma yana aiki daidai gwargwado a kan gona ko titi. Sai dai bai san fuska ba.

Fata kuwa tana da nata hali. Sinadarin da ke ba ta launi, melanin, ya fi shanye shuɗin haske, ya rage shanye kore, ya fi sakin ja. Saboda haka a kowace irin fata, ta Bahaushe ko ta Bature, lambar ja ce ta fi girma, kore na bi mata, shuɗi na ƙarshe. Wanda ya buɗe hotunan uku ɗaya bayan ɗaya zai ga abin mamaki. A na ja, fuskar ta yi haske ta yi sumul, tabon ƙuraje ya dushe. A na kore, siffar fuska da ƙananan layukanta sun fito daidai. A na shuɗi, fatar ta yi duhu ta yi kaushi, kowane tabo ya taso, ga kuma ɗige-ɗigen hayaniya da kyamarar waya ta fi tarawa a can.

Masu ɗaukar hoto na zamanin fim sun san wannan tun kafin kwamfuta. Fim na farko-farko bai jin jan haske, shi ya sa leɓɓa da fata ke fitowa da duhu fiye da yadda suke. Bayan da fim mai jin dukan launuka ya shiga kasuwa a farkon ƙarni na 20, sai aka koma ɗaura gilashi mai launi a bakin kyamara, ruwan ɗorawa ko ruwan goro ko ja, don a haskaka fata a tausasa ta. Abin da ake yi yau da maɗauran manhaja shi ne wannan tsohuwar dabara, illa dai yanzu ana iya zaɓar gilashin bayan an riga an ɗauki hoton.

Wani dattijo, da jar dara, da koriyar ƙofa

Gagarawa Tasha ta samo sunanta daga tashar jirgin ƙasa da ke kan layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda ya isa Nguru a 1930. Gari ne na rairayi da rana mai ƙarfi, inda farar riga ke ƙyalli har ta kashe ido. Irin wannan wuri yana haɗa wa mai hoto matsaloli biyu a lokaci ɗaya, wato tufa mai tsananin haske da fuska mai duhu, dukansu cikin firam guda.

Misalin da za a bi shi ne na wani matashi mai shagon hoto da buga takardu a garin, wanda wani magidanci ya kawo wa hoton mahaifinsa. Dattijon ya haura saba'in, baƙi ne, yana sanye da farar babbar riga da jar dara, yana zaune a bakin zaure, bayansa ƙofar ƙarfe mai koren fenti. Ɗan yana son a mayar da hoton baƙi da fari, a faɗaɗa shi, a rataye kusa da wani tsohon hoton kakansu. An taɓa wanke masa shi a wani wuri, aka haskaka fuskar sosai. Da aka kai gida, uwargidan dattijon ta dube shi ta ce: "Wannan ai ba Malam ba ne." Shi ya sa magidancin ya ja kunnen matashin da cewa: "Ƙanena, ba fari nake so ka mayar da Baba ba. So nake duk wanda ya shigo ɗakin ya gane shi tun daga bakin ƙofa."

Abu na farko da matashin ya yi shi ne aunawa. A Photoshop, idan aka ɗora alamar linzami a kan wuri, allon Info yana nuna lambobin nan uku. A kuncin da haske ya sauka ya sami ja 120, kore 80, shuɗi 60. A kuncin da ke cikin inuwa, 70 da 46 da 36. A ƙofar da ke baya, 60 da 110 da 70. A jar dara, 170 da 30 da 35.

Da aka bi lissafin kai tsaye, kunci mai haske ya ba da 90. Ƙofa ma ta ba da 90. Ga asirin abin da ke sa hoto mai kyau ya mutu idan aka cire masa kala. A hoto mai launi, fuska ruwan ƙasa ce, ƙofa kuma koriya, ido na raba su ba wahala. Da launi ya tafi, sai suka zama toka iri ɗaya, gefen fuskar ya narke cikin ƙofar. Ƙara haske ba zai raba su ba, domin zai ɗaga su tare. Ƙara tsananin bambanci ma ba zai yi ba, domin babu bambancin da za a tsananta.

Maganin yana cikin sauya rabon. A Channel Mixer, bayan an danna Monochrome, akwai maɗaurai uku. Matashin ya ba ja kashi 60, kore 35, shuɗi 5.

```
Red 60   Green 35   Blue 5   Total 100
```

Da wannan rabo, kunci mai haske ya tashi daga 90 zuwa 103, ƙofa ta sauka zuwa 78. An sami tazarar 25 a inda a da babu ko ɗaya, fuskar ta rabu da bayanta ta matso gaba. Ana kula jimlar ta tsaya a kusan 100, domin idan ta wuce, farar riga ce za ta fara ƙonewa.

Mai karatu zai iya tambayar dalilin da ya hana a ba ja dukan kashi 100, tunda shi ne ke haskaka fata. Da an yi haka, kunci zai kai 120, ƙofa ta sauka 60, amma farashin yana da yawa. Leɓɓa za su yi fari su haɗe da fata. Layukan goshi da na gefen ido, waɗanda su ne shekarun dattijon, za su dushe, fuskar ta koma kamar ta kakin zuma. Zanen fuska irin na gado da ke kuncin tsofaffi da yawa shi ma zai yi rauni, alhali da shi ake gane mutum da danginsa. A hoton amarya kuwa, jan lalle zai kusan ɓacewa daga hannu, baƙin zane kaɗai ya rage. Koren kaso shi ne ke riƙe da kamanni. Fuskar yarinya ko matashiya tana iya ɗaukar ja mai yawa, amma ta dattijo tana son a bar mata kore, wani lokaci ma rabi da rabi.

Ko a kashi 60 ɗin, wata matsala ta ɓullo. Jar dara, wadda lissafin farko ya ajiye a 72, ta tashi zuwa 114, ta zarce goshin da take zaune a kai. Hular da kowa ya sani mai duhu ce ta koma toka-toka, tana jan ido daga fuska. Channel Mixer bai san hula da kunci ba, jan haske kawai ya sani. A nan ne maɗauran da ke raba launuka filla-filla suka fi amfani. A Lightroom, na kwamfuta da na waya, bayan an zaɓi baƙi da fari, akwai maɗaurai takwas, kuma fata, kowace iri ce, ta fi zama a ƙarƙashin Orange, yayin da hula irin wannan ke ƙarƙashin Red. Sai a ɗaga Orange, a sauke Red kaɗan, a sauke Green don ƙofar. A Photoshop kuwa, matashin ya zagaye hular ita kaɗai ya mayar da ita wajen 75. Mai aiki da Snapseed a waya yana da hanya mafi sauƙi: a cikin Black & White akwai zaɓin gilashin launi, kuma Orange ko Yellow ne ya kamata a fara gwadawa kafin Red.

Akwai iyaka da ya kamata a sani. Idan aka ja maɗauri ɗaya can sama, maƙwabcinsa kuma can ƙasa, fata za ta yi dabbare-dabbare, domin a fuska ɗaya akwai wuraren da suka karkata ga ja da waɗanda suka karkata ga ruwan ɗorawa. Alamar ita ce tabo-tabo a kumatu da kan hanci, ko wani farin zare da ke bin gefen fuska. Da an ga haka, sai a rage tazarar da ke tsakanin maɗauran biyu.

Inda ake ɗora tsanani

Bayan an raba fuska da abin da ke kewaye da ita, saura a ba ta jiki. Kayan aikin shi ne Curves, wani layi da ya tashi daga kusurwar duhu zuwa kusurwar haske, wanda ake lanƙwasawa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: inda layin ya miƙe tsaye, bambanci na ƙaruwa, inda ya kwanta kuma bambanci na raguwa.

Shawarar da ta cika littattafan koyon hoto ita ce a lanƙwasa layin kamar harafin S, a ɗaga rabin sama, a sauke rabin ƙasa, tsakiya ta tsaya a 128. Maɗaurin Contrast ma kusan haka yake yi. Wannan shawara ta dace da fatar da ke zaune a saman 128, domin lanƙwasar za ta ɗaga ta. Fuskar dattijon Gagarawa kuwa gaba ɗayanta tana ƙasa da 128, daga 60 a inuwa zuwa 103 a haske. Idan aka yi mata wannan lanƙwasa, dukanta za ta gangara cikin duhu, rigar kuma ta ƙara ƙyalli. Mai gyara zai ga hoton ya yi ƙarfi, amma mutumin ya ɓace.

Ba abin mamaki ba ne da shawarar ta zo a haka. Tsarin auna haske da Ansel Adams da Fred Archer suka fitar a Amurka wajen 1940 ya raba haske hawa-hawa daga sifili zuwa goma, aka saba ajiye farar fata a hawa na shida. Kamfanin Kodak ma, tun daga shekarun 1950, ya daɗe yana raba wa masu wanke hoto mai kala wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, don su daidaita injinansu da shi. Ma'aunin ya samo asali ne daga fata iri ɗaya. Amma a daidai wannan zamani, Seydou Keïta a Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yana ɗaukar mutane baƙaƙe cikin manyan riguna, galibi da hasken rana a tsakar gida, kuma fuskokinsu na fitowa da cikakken duhunsu da sheƙinsu. Haka Malick Sidibé a wannan birni, da Philippe Koudjina a Yamai, da J. D. 'Okhai Ojeikere a Nijeriya, wanda hotunansa na kitso suka nuna baƙin gashi a kan baƙar fata ba tare da ɗaya ya haɗiye ɗaya ba. Duk wanda ke son koyon wannan aiki zai ƙaru da kallon hotunansu fiye da karanta ƙa'idoji.

Dabarar ita ce a sauko da wurin da layin ya miƙe zuwa inda fatar take. Matashin ya kafa ɗigo a 60, wato inuwar kunci, ya bar shi a 60 bai motsa ba. Ya kafa wani a 103, ya ɗaga shi zuwa 120. Tazarar da ke cikin fuskar ta tashi daga 43 zuwa 60, ƙashin kunci da karan hanci da goshi suka fito, alhali inuwar tana nan da duhunta. Daga nan ya kwantar da layin a sama, ya ja ƙarshensa ƙasa kaɗan, ta yadda rigar ta tsaya a wajen 235, aikin zaren da ke wuyanta da aljihunta bai ƙone ba. A can ƙasa ya sauke 30 zuwa 25, domin ƙwayar ido da cikin zaure su yi baƙi na gaske. Hoto marar baƙi na gaske ko kaɗan yakan yi kama da wanda hazo ya rufe.

```
30 → 25    60 → 60    103 → 120    200 → 205    245 → 240
```

Waɗannan lambobi na wannan hoto ne kaɗai. Mai wankan tarwaɗa zai iya farawa daga 130 a kunci, baƙi wuluk kuma daga 70. Abin da ba ya sauyawa shi ne tsarin: a auna haske da inuwar fuskar, a riƙe inuwar, a ɗaga hasken daidai gwargwado, a tsare fari daga ƙonewa. Sakamako mai daɗi a wannan hoto shi ne ƙofar ta faɗo a wajen 85, tsakanin kunci biyu. Ɓangaren haske ya fi ta haske, ɓangaren inuwa ya fi ta duhu, don haka kowane gefe na fuskar ya rabu da bayansa.

Sheƙi ba aibi ba ne

Akwai wani haske a fuska da maɗauran launi ba sa taɓawa sosai, shi ne sheƙin da ke kan goshi da karan hanci da saman kunci. Wannan haske bai shiga cikin fata ba, daga samanta ya dawo kamar daga madubi, saboda haka launin fitila ko na sama yake ɗauke da shi. A farar fata, inuwa ce ta fi zana siffar fuska. A baƙar fata kuwa, sheƙi ne ke yin mafi yawan wannan aiki. Mai gyaran da ya goge shi gaba ɗaya, yana ganin maiƙo ne, ya kwashe wa fuskar tudu da kwari.

Abin da ake so shi ne sheƙi mai faɗi mai taushin gefe, wanda bai kai fari fat ba. Yanayin Gagarawa yana ba da iri biyu masu wahala. A bazara, gumi yana mayar da sheƙin ƙananan ɗigo masu ƙuna, waɗanda suka kai 255, babu komai a cikinsu. A hunturu kuma fata na bushewa ta yi furu-furu, sheƙin ya mutu, fuskar ta yi toka tun kafin a cire kala. Na farko ana rage shi da burushi mai laushi, a hankali, har ya sauko wajen 200. Na biyu ana farfaɗo da shi ta hanyar ɗan haskaka wuraren da haske ya riga ya sauka, ba a ƙirƙiro shi inda babu ba. A Photoshop ana yin haka a kan sabon shafi mai toka rabi da rabi da aka sa a Soft Light, da burushi mai Opacity kashi 5 zuwa 10. A Snapseed, Brush yana da Dodge & Burn mai wannan aiki. A hoton dattijon, matashin ya ɗan haskaka ƙarƙashin gira, inda idanu suka faɗa, ya ɗan duhunta kafaɗun rigar don ido ya hau zuwa fuska. Farin ido da farin gemu bai taɓa su ba, domin su ne suka fi saurin tona asirin gyara.

Maɗauran Clarity da Structure suna da jan hankali a hoto marar kala, domin suna sa komai ya yi tsauri nan take. A kan hula da saƙar riga suna da amfani. A kan fata kuwa suna zurfafa kowane rami, su ƙara wa mutum shekaru goma, su bar duhu kamar datti a gefen hanci. Idan za a yi amfani da su, a tsayar da su a kan tufa.

Abin da gyara ba zai iya ba

Duk wannan aiki yana dogara ne ga abin da kyamara ta kamo. Farar riga tana ruɗar ma'aunin kyamara, ta rage haske don kada rigar ta ƙone, fuska ta tafi can ƙasa wajen 30 ko 40. Idan aka ja irin wannan fuska sama da ƙarfi, hayaniya da layi-layi ne za su fito, domin matakan da ke cikin duhun kaɗan ne. Gara tun wurin ɗauka a taɓa fuskar a allon waya, a ɗan ƙara haske, a tsaya kafin aikin rigar ya ɓace. Wuri ma yana da tasiri. Rana tsaka tana zuba inuwa cikin ido, gindin darbejiya kuma yana yayyafa wa fuska tabon rana. Bakin zaure ko inuwar rumfa, inda haske ke shigowa ta gefe guda, rairayin ƙasa kuma na mayar da shi sama zuwa haɓa, shi ne ya sa hoton dattijon ya gyaru cikin sauƙi.

Hanyar da hoton ya biyo ita ma abin dubawa ce. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto ana matse shi, kuma bayanin launi ne ya fi shan wahala a matsewar. Tunda rabon ja da kore da shuɗi a kan wannan bayani yake aiki, sai murabba'ai su fito a kunci da zarar an ja maɗauri. A nemi a turo shi a matsayin Document, ko a kwafo shi daga wayar da ta ɗauka. Haka kuma kada a ɗauki hoton da baƙi da fari tun daga waya idan ana da niyyar gyara, domin wayar ta riga ta yanke rabon, ta zubar da sauran.

Mataki na ƙarshe shi ne takarda. Allo yana fitar da haskensa, takarda kuwa aron hasken ɗaki take yi, saboda haka hoton da ya yi daidai a allo mai cikakken haske yakan fito da duhu a bugu, kuma duhun da ke ƙasa da 20 yakan haɗe ya zama baƙi ɗaya. Injin buga hoto mai kala kuma yakan bar ɗan kore ko ɗan ja-ja a cikin tokar. Hikima ita ce a rage hasken allo zuwa rabi yayin gyara, a fara buga ƙarami, a dube shi a irin hasken ɗakin da za a rataye shi. Idan inuwar kunci ta toshe, a ɗaga ɗigon 60 zuwa 66 ko 68, a sake bugawa kafin a kashe kuɗi a kan babba.

Akwai gwaje-gwaje uku da ke nuna ko aiki ya yi. A ƙanƙance hoton ya koma kamar na fasfo: idan fuskar ce ido ya fara sauka a kai, rabon launi ya yi daidai. A kwatanta fuska da wuya da bayan hannu: idan fuskar ta fi su haske sosai, an wuce gona da iri. Na uku ba na mai gyara ba ne. A miƙa bugun gwaji ga wanda ya shekara yana kallon wannan fuska, matar mutum ko ɗansa ko maƙwabcinsa, a yi shiru. Idan ya fara da yaba kyan hoton, akwai sauran aiki. Idan ya ambaci sunan mai hoton, a buga babban.